Gurbi Ɗaya Wayam, Amsa Duka Ta Ɓace: Tarkon NOT IN a Harshen SQL

A wajen masu aiki da rumbun bayanai akwai wani ɗan jadawali da sunansa ya fi girmansa. Ana kiransa `EMP`, kuma kamfanin Oracle ya daɗe yana haɗa shi da manhajarsa domin masu koyo su riƙa gwaji da shi. Ma'aikata 14 ne kacal a cikinsa, na wani kamfani da aka ƙago don darasi. Kowane ma'aikaci yana da layinsa, kowane layi kuma an kasa shi gurbi-gurbi. Gurbin `EMPNO` na lambar ma'aikaci ne, `ENAME` na sunansa, `JOB` na muƙaminsa, sai `MGR` inda ake rubuta lambar shugaban da yake ƙarƙashinsa. Misali, SMITH lambarsa 7369, a gurbin shugabansa an rubuta 7902, wato FORD. Shi kuma FORD yana ƙarƙashin JONES mai lamba 7566, JONES kuma yana ƙarƙashin KING mai lamba 7839.

Bari mu yi wa wannan jadawali tambaya mai sauƙi. Su wane ne a cikin ma'aikatan nan ba su shugabantar kowa? Wanda ya ɗauki fensir zai gama cikin minti biyu. Zai duba gurbin `MGR` daga sama har ƙasa, ya ga lambobi shida ne kawai suke fitowa a ciki: na KING, JONES, BLAKE, CLARK, SCOTT da FORD. Waɗannan su ne shugabanni. Ya cire su daga 14, saura takwas: SMITH, ALLEN, WARD, MARTIN, TURNER, ADAMS, JAMES da MILLER.

To, sai a bai wa kwamfuta aikin. Harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi sunansa SQL, kuma hanyar da ta fi zuwa wa mutum a rai ita ce wannan:

```sql
SELECT ename
FROM emp
WHERE empno NOT IN (SELECT mgr FROM emp);
```

Abin da aka ce a nan shi ne: kawo mini sunan duk ma'aikacin da lambarsa ba ta cikin jerin lambobin shugabanni. Ɓangaren da ke cikin baka ƙaramar tambaya ce da aka cusa a cikin babba, aikinta ta tattaro jerin lambobin da ke gurbin `MGR`. Kalmomin `NOT IN` kuma su ne ke cewa "ba ya cikin". Rubutun daidai yake, babu waƙafin da ya ɓace, babu sunan da aka yi kuskure. Amma amsar da za ta bayyana a allon Oracle ita ce `no rows selected`, wato ba a samu ko layi ɗaya ba. Wanda ya kwafi jadawalin zuwa MySQL zai ga `Empty set`, mai PostgreSQL kuma ya ga `(0 rows)`. Duk bakinsu ɗaya.

Babu saƙon kuskure, babu gargaɗi. Manhaja ta karɓi tambaya, ta yi aikinta, ta ce babu kowa. Mutum takwas sun ɓace, kuma sanadin ɓacewarsu layi ɗaya ne tak, layin KING.

Gurbin da ba a cike ba

KING shi ne shugaban kamfanin, babu kowa a samansa. Saboda haka gurbin `MGR` nasa ba a rubuta lamba a ciki ba. A harshen SQL, gurbin da ke cikin irin wannan hali ana cewa yana ɗauke da `NULL`, alamar da ke nuna cewa babu bayani a nan.

Mutane da yawa suna ɗaukar `NULL` a matsayin sifili, kuma daga nan ruɗani yake farawa. Jadawalin `EMP` da kansa ya nuna bambancin. Yana da gurbi mai suna `COMM`, na kamashon da ake bai wa masu sayar da kaya. ALLEN yana da 300, WARD 500, MARTIN 1400, TURNER kuma 0. Sauran mutum goma gurbinsu `NULL` ne. Sifilin TURNER labari ne cikakke: mai sayar da kaya ne, an yi masa lissafi, bai samu komai ba. Su kuwa goman nan ba a faɗi komai a kansu ba. Wanda ya tambayi nawa ne kamashon TURNER za a ce masa sifili. Wanda ya tambayi na SMITH, jadawali ba shi da abin da zai ce masa.

Wannan tunani ya samo asali ne daga Edgar Codd, masanin lissafi da ke aiki a kamfanin IBM, wanda a 1970 ya wallafa tsarin ajiye bayanai a jadawaloli masu alaƙa da juna, tsarin da bankuna da asibitoci da kamfanonin sadarwa suke dogaro da shi har yau. Codd ya ga cewa a zahirin rayuwa ba kowane gurbi ake iya cikewa ba. Ana karɓar maras lafiya ba a san ranar haihuwarsa ba, ana shigar da kaya ba a riga an yanke musu farashi ba. Ya ce a ware alama ta musamman don irin wannan giɓi, kada a riƙa cusa sifili ko wata lambar bogi da za ta ɓata lissafi daga baya. Harshen SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fara tsarawa a IBM suka bayyana shi a 1974, ya tafi da wannan shawara, kuma ta shiga ƙa'idar harshen da aka amince da ita a hukumance a 1986.

Amsa ta uku

Da zarar an yarda cewa gurbi zai iya zama babu bayani, sai wata matsala ta biyo baya. Me za a ce idan aka kwatanta lamba da wannan giɓin? Shin 7369 daidai take da `NULL`? Ba za a ce i ba, domin ba a san abin da ke gurbin ba. Ba za a ce a'a ba, saboda wannan dalilin dai. Don haka SQL ya tanadi amsa ta uku bayan gaskiya da ƙarya, wato "ba a sani ba", wadda littattafan harshen suke rubutawa `UNKNOWN`. Duk kwatancen da aka yi da `NULL`, ko na daidaito ne, ko na bambanci, ko na fifiko, wannan amsar yake bayarwa. Hatta `NULL = NULL` ba gaskiya ba ne a wurin SQL, domin abubuwa biyu da ba a san su ba, babu mai iya rantsuwa cewa abu ɗaya ne.

Sai ƙa'ida ta biyu, wadda ita ce ke yanke hukunci. Sashen `WHERE` ba ya barin layi ya wuce sai sharaɗin ya fito gaskiya. Layin da ya fito ƙarya ana zubar da shi, layin da ya fito "ba a sani ba" shi ma ana zubar da shi, kuma ba a gaya wa kowa wane ne ya faɗi da wane dalili.

Yanzu a dubi abin da `NOT IN` yake yi a ɓoye. Idan aka ce lamba ba ta cikin jeri, ana nufin ta bambanta da na farko, kuma ta bambanta da na biyu, kuma ta bambanta da na uku, har ƙarshen jerin. Ga yadda sharaɗin yake a kan SMITH idan aka warware shi, aka bar maimaici:

```sql
7369 <> 7902 AND 7369 <> 7698 AND 7369 <> 7839
AND 7369 <> 7566 AND 7369 <> 7788 AND 7369 <> 7782
AND 7369 <> NULL
```

Alamar `<>` tana nufin "ya bambanta da", `AND` kuma tana buƙatar dukkan sharuɗɗan su tabbata a tare. Shida na farko gaskiya ne, lambar SMITH ta bambanta da kowaccensu. Na bakwai shi ne gurbin KING, kuma amsarsa "ba a sani ba". Gaskiya shida da rashin sani ɗaya, idan aka ɗaure su da `AND`, sakamakonsu rashin sani ne. SMITH ya faɗi. Haka ALLEN, haka WARD, haka sauran biyar ɗin, kowa ya zo ya tsaya a kan wannan gurbi ɗaya.

Su kuma shugabannin shida fa? A ɗauki FORD, lamba 7902. Kwatancen farko, `7902 <> 7902`, ƙarya ne, kuma ƙarya ɗaya ta isa ta rushe duk abin da aka ɗaure da `AND`. FORD ya faɗi, kuma faɗuwarsa daidai ce, tunda shugaba ne. Ke nan kowane layi yana da makoma biyu ne kawai. Idan lambarsa tana cikin jerin, amsa ƙarya ce. Idan ba ta ciki, amsa "ba a sani ba" ce. Babu hanyar da za a bi a kai ga gaskiya. Ko jadawalin layi 14 ne, ko miliyan 14, `NULL` ɗaya a cikin jerin ya isa ya kwashe sakamakon gaba ɗaya.

A kwatanta da mai gadi da aka bai wa takardar sunayen waɗanda aka hana shiga, aka kuma ce masa kada ya bar kowa ya wuce sai ya tabbata sunansa ba ya kan takardar. Ruwan sama ya taɓa takardar, suna ɗaya ya dagule ba ya karantuwa. Wanda sunansa ya fito fili, mai gadi zai mayar da shi. Wanda sunansa bai fito ba, mai gadi zai ce ai ko kai ne wannan da ya dagule. Haka zai wuni a bakin ƙofa bai bar kowa ya shiga ba, kuma bai saɓa umarnin da aka ba shi ba ko kaɗan.

Dalilin da `IN` ba ya nuna ciwon

Abin da ke ƙara ɗaure wa mai koyo kai shi ne, idan ya cire `NOT` ya bar `IN` kaɗai, komai yana tafiya lafiya. Tambayar su wa ke shugabantar wani za ta kawo sunaye shida cif. Dalili kuwa shi ne `IN` da `OR` yake ɗaure kwatancensa, wato ko ta yi daidai da wannan, ko da wancan. A nan gaskiya ɗaya ta wadatar. Lambar FORD ta yi daidai da 7902, shi ke nan ya wuce, gurbin KING bai dame shi ba. Lambar SMITH ba ta yi daidai da kowace lamba ba, sai amsarsa ta zama "ba a sani ba", aka zubar da shi. Da ma zubar da shi ake so, don haka babu wanda ya lura cewa ba da ƙarya ya faɗi ba.

To idan aka ɗora `NOT` a kan wannan amsa fa? Kishiyar gaskiya ƙarya ce, kishiyar ƙarya gaskiya ce, amma kishiyar "ba a sani ba" tana nan "ba a sani ba". Shi ya sa sauya fasalin rubutu ba ya magani. Ko an rubuta `NOT (empno IN (...))`, ko an rubuta `<> ALL (...)`, abu ɗaya ake faɗa, kuma wayam za a gani.

Mai son ya gani da idonsa ba ya buƙatar jadawali. A MySQL ko PostgreSQL ko SQLite, waɗannan layuka uku sun isa:

```sql
SELECT 2 NOT IN (1, 3);
SELECT 1 NOT IN (1, NULL);
SELECT 2 NOT IN (1, NULL);
```

Na farko zai ba da gaskiya, na biyu ƙarya, na uku kuma `NULL`, domin da wannan alama manhajojin suke nuna amsar "ba a sani ba".

Yadda yake shigowa wurin aiki

A jadawalin darasi, `NULL` na KING yana nan tun ranar farko, don haka tambayar tana faɗuwa nan take a gane. A wurin aiki ba haka abin yake zuwa ba, kuma a nan haɗarin yake. A ɗauka wata makaranta tana da jadawalin ɗalibai da jadawalin biyan kuɗi, kuma kowane mako ana fitar da sunayen waɗanda lambarsu ba ta cikin jerin waɗanda suka biya. Tambayar tana iya yin zango biyu tana aiki babu tangarɗa, saboda kowane biya yana ɗauke da lambar ɗalibi. Wata rana wani uba ya tura kuɗi ta banki bai rubuta lambar ɗansa ba. Akawu ya shigar da kuɗin don lissafi ya daidaita, ya bar gurbin lambar ɗalibi har sai an gano mai shi. Daga wannan rana rahoton masu bashi zai fito babu suna ko ɗaya. Ba a taɓa rubutun tambayar ba, ba a sabunta manhaja ba. Mafi muni kuma, amsar ta yi kama da albishir: kowa ya biya. Mutum yakan binciki amsar da ta ɓata masa rai, amma wadda ta faranta masa ba kasafai yake waiwayarta ba.

Ƙofofin da `NULL` yake shigowa ta cikinsu sanannu ne. Akwai bayanan da aka kwaso daga takardar lissafi ta Excel ko fayil na CSV mai gurbi wayam. Akwai jadawalin da aka tsara da umarnin `ON DELETE SET NULL`, wanda ke mayar da gurbi `NULL` da kansa idan aka goge layin da yake nunawa a wani jadawalin. Akwai ƙaramar tambayar da ta haɗa jadawali biyu da `LEFT JOIN`, wadda ke cike layukan da ba su samu abokin haɗi ba da `NULL`, ko da jadawalan asali ba su da giɓi ko ɗaya. A Oracle kuma akwai ƙarin ƙofa, domin rubutu maras harafi ko ɗaya, wato `''`, a matsayin `NULL` yake ɗaukarsa.

Matsalar ba ta tsaya ga rahoto ba. Ana yawan amfani da `NOT IN` a umarnin `DELETE` don share tsofaffin layukan da babu abin da ya rage yana nuna su. Idan `NULL` ya shiga jerin, umarnin zai ci gaba da gudana kowane dare yana share layi sifili, shara tana taruwa. Ranar da aka gyara shi kuma zai kwashe duk abin da ya taru a lokaci ɗaya. Saboda haka masu aikin sukan fara gudanar da gyararren sharaɗin da `SELECT`, su dubi abin da zai tafi, kafin su mayar da shi `DELETE`.

Yadda ake gane shi

Idan tambaya mai `NOT IN` ta dawo wayam alhali ana da dalilin zaton akwai amsa, gwaji biyu sukan warware zancen. Na farko, a ƙirga gurbin da ƙaramar tambayar take tattarowa ta hanya biyu:

```sql
SELECT COUNT(*), COUNT(mgr) FROM emp;
```

`COUNT(*)` yana ƙirga dukkan layuka, `COUNT(mgr)` kuma yana tsallake waɗanda gurbinsu `NULL` ne. A jadawalinmu za a ga 14 da 13. Wannan ratar ta ɗaya ita ce KING. Don a gan shi da suna sai a rubuta `WHERE mgr IS NULL`. A kula, `WHERE mgr = NULL` ba zai kawo komai ba, domin shi ma kwatance ne da `NULL`, ya faɗa ramin da ake ƙoƙarin haƙowa.

Gwaji na biyu lissafi ne na hankali. Waɗanda suke cikin jeri da waɗanda ba sa ciki, idan aka haɗa su ya kamata su ba da jimillar jadawali. A nan `IN` ya ba da 6, `NOT IN` ya ba da 0, jimilla 6, alhali ma'aikata 14 ne. Duk lokacin da wannan lissafi ya ƙi cika, akwai layukan da suka maƙale a "ba a sani ba".

Hanyoyin gyara

Gyara mafi kusa shi ne a tace jerin kafin a miƙa shi:

```sql
SELECT ename
FROM emp
WHERE empno NOT IN (SELECT mgr FROM emp WHERE mgr IS NOT NULL);
```

Da wannan ƙarin, gurbin KING ba ya shiga jerin, kuma sunaye takwas ɗin suna fitowa. Rauninsa shi ne ya dogara da tunawar mai rubutu. Wanda zai rubuta tambaya ta gaba a kan jadawalin yana iya mantawa.

Shi ya sa ƙwararru da yawa suka fi son `NOT EXISTS`, wanda yake zuwa wa tambayar ta wata fuska:

```sql
SELECT e.ename
FROM emp e
WHERE NOT EXISTS (SELECT 1 FROM emp s WHERE s.mgr = e.empno);
```

A nan ba a tara jeri ba. Ga kowane ma'aikaci ana tambaya ne: akwai wani layi da gurbin shugabansa ke ɗauke da lambar wannan mutum? Idan aka zo layin KING, kwatancen ya ba da "ba a sani ba", sai `WHERE` na ciki ya zubar da wannan layin kaɗai, a ci gaba da duba sauran. A ƙarshe ko an samu layi ko ba a samu ba, kuma `EXISTS` amsa biyu kawai ya sani. Ga SMITH ba a samu ba, don haka ya wuce. Rashin sanin bai fita daga ƙaramar tambaya ya gurɓata babbar ba. A PostgreSQL wannan fasali yakan fi sauri ma a manyan jadawaloli, domin manhajar tana iya tsara shi a matsayin haɗi na musamman mai neman layukan da ba su da abokin haɗi, abin da ba ta yi wa `NOT IN` mai ƙaramar tambaya.

Akwai kuma `EXCEPT`, wanda Oracle ya daɗe yana kira `MINUS`, mai cire jeri daga jeri. Idan aka cire lambobin `mgr` daga lambobin `empno` da shi, lambobi takwas za su rage, domin shi ba ya bin ƙa'idar amsa ta uku wajen gwama layuka. Hanyar da ya kamata a yi hattara da ita ita ce maye gurbin `NULL` da lambar bogi, kamar `COALESCE(mgr, 0)`. Tana aiki muddin babu ma'aikaci mai lamba 0. Ranar da aka samu, zai ɓace daga sakamakon shi kaɗai, kuma ɓacewar mutum ɗaya ta fi ta kowa da kowa wuyar ganewa.

Giɓi a ɗaya ɓangaren

Duk bayanin da ya gabata a kan `NULL` da ke cikin jerin ne. Yana iya zama kuma a gurbin da ake gwadawa, kuma a nan ɓarnar ba ta fitowa fili. A nemi ma'aikatan da kamashonsu ba 300 ba ne kuma ba 500 ba, da sharaɗin `WHERE comm NOT IN (300, 500)`. Jerin tsaf yake, babu giɓi. Mutum zai zaci 12 za su fito, tunda ALLEN da WARD kaɗai aka ware. Biyu ne za su fito, MARTIN da TURNER. Goman da gurbin kamashonsu yake `NULL` sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, kuma tacewar da aka yi wa jerin a gyaran farko ba ta da abin da za ta yi musu. Wanda yake son su sai ya ƙara `OR comm IS NULL` da hannunsa.

Wannan ne wurin da `NOT IN` da `NOT EXISTS` suke rabuwa, ko bayan an tace jerin. Layin da gurbinsa yake `NULL`, `NOT IN` yana zubar da shi, `NOT EXISTS` kuma yana barinsa ya wuce, tunda ba a samu abin da ya yi daidai da shi ba. Don haka wanda ya sauya ɗaya da ɗaya a tsohuwar tambaya ya kamata ya ƙirga sakamakon kafin da bayan sauyin, kada ya ɗauka tagwaye ne.

Me giɓin yake nufi?

Idan aka duba da kyau, gurbin KING da gurbin kuɗin makarantar nan alama ɗaya suke ɗauke da ita, amma labarinsu daban ne. KING ba shi da shugaba sam. Babu wani sirri a gurbinsa, kuma tace shi daga jerin ba ya rage gaskiyar amsa: mutum takwas ɗin nan tabbas ba sa shugabantar kowa. Kuɗin da aka turo babu lamba kuwa yana da mai shi, ba a dai gano shi ba tukuna. Idan aka tace wannan layin, rahoto zai dawo da sunayen masu bashi, amma ɗaya daga cikinsu ya riga ya biya, kuma ana iya korar yaro gida a kan kuɗin da ke asusun makaranta. A wannan hali taurin kan `NOT IN` yana da hujja, domin da gaske ne ba a san ko ɗalibin da ake duba shi ne mai kuɗin ba. Laifinsa kawai shi ne ya yi shiru bai faɗi dalili ba.

Codd da kansa ya ga wannan ruɗani. A littafinsa na 1990 ya ba da shawarar a raba alamar gida biyu, ɗaya ta abin da yake akwai amma ba a san shi ba, ɗaya ta abin da bai shafi layin ba kwata-kwata. SQL bai bi wannan shawara ba. Abokin aikinsa Chris Date kuma ya shafe shekaru yana jayayya cewa da ma bai kamata a shigo da alamar ba. Harshen ya ci gaba da alama ɗaya mai ɗaukar ma'ana biyu, aka bar wa mai rubuta tambaya nauyin rarrabewa.

Saboda haka gyaran da ya fi dorewa a tsarin jadawali yake. Gurbin da bai kamata ya taɓa zama wayam ba, a ɗaure shi da `NOT NULL` tun ranar da aka ƙirƙire shi, manhaja ta ƙi karɓar layin da bai cika ba. A makarantar misalinmu, hakan yana nufin kuɗin da ba a san mai shi ba ya samu jadawalinsa daban, ya zauna can har a gano ɗalibin, rahoton masu bashi kuma ya riƙa fitowa da adadin irin waɗannan kuɗaɗe a ƙasansa, domin mai karantawa ya san sunaye nawa ne a jerin ke iya zama sun biya. Gurbin da giɓi halal ne a cikinsa, irin `MGR` inda dole a samu wanda babu kowa a samansa, sai a bar shi yadda yake, a kuma riƙa yi masa tambaya da `NOT EXISTS`.